Harajin Ciniki da Harajin Riba: Abin da Littafin Kawuna Ya Nuna Mini

Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, kuma a zuri'armu kaf babu wanda kuɗi ke bi ta hannunsa kamar shi. Idan ka zauna a gabansa ranar da kasuwa ta ci, ka ga yadda saƙon shigar kuɗi ke faɗowa wayarsa ɗaya bayan ɗaya, sai ka rantse attajiri ne. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru, har ranar da ya kira ni, da yake aikina lissafin kuɗi ne, ya ajiye mini wani tsohon littafi mai bango ja, ya ce, “Ɗana, ana ta maganar wai za a riƙa karɓar haraji a kan ciniki. Duba mini, nawa zai faɗo kaina?”

Na yi kwana biyu a kan littafin. Abin da na gani a ciki shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin na lura cewa a muhawarar da ake yi kan sabuwar dokar haraji, mutane da yawa, har da masu ilmin zamani, suna ɗaukar harajin ciniki da harajin riba tamkar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, wai bambancinsu kawai shi ne ɗaya ya fi ɗaya sauƙi. Ba haka ba ne. Ma'auni biyu ne daban, kuma mutum ɗaya da shago ɗaya, a shekara ɗaya, yana iya biyan dubu ɗari da 'yan kai a ƙarƙashin ɗaya, ya biya miliyan guda a ƙarƙashin ɗayan.

Bari mu fara tsayar da kalmomin. Ciniki, a wannan magana, shi ne jimillar duk kuɗin da ɗan kasuwa ya sayar da kaya ko ya yi aiki a kansu cikin shekara, ba tare da an cire ko sisi ba. Riba kuwa ita ce abin da ya rage bayan an fitar da kuɗin sarin kayan, da kuɗin mota, da dako, da hayar shago, da ladan yara, da sauran abin da kasuwancin ya ci. Harajin riba yana jira sai an gama wannan ragi, sannan ya ɗauki rabonsa daga abin da ya saura. Harajin ciniki ba ya jira. Yana tsayawa ne a bakin ƙofa, ya ɗauki wani ɗan ƙaramin kaso daga kowace naira da ta shigo, ko da nairar ta mai kaya ce da za a mayar masa gobe.

Me ya sa gwamnati za ta so irin wannan haraji? Amsar a fili take, kuma ba ta rasa hujja. Kafin a san ribar mutum sai an ga rubutaccen abin da ya saya da abin da ya kashe, da shaidar biya. Mafi yawan masu rumfa a Kantin Kwari ko Sabon Gari ko kasuwar Gusau ba su ajiye irin wannan, wanda ya ajiye ma, ba a tsarin da jami'in haraji zai karɓa ba. Shi ya sa dokar haraji ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta tanadi cewa wanda ba a iya tantance abin da yake samu, ko bai ajiye bayanan da za a iya auna shi da su ba, a sa shi a ƙarƙashin harajin ƙiyasi. Tanadin ba sabo ba ne, tun gyaran da aka yi wa dokar harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane a 2011 yake a rubuce. Ƙiyasin na iya dogara da girman shago, ko unguwar da yake, ko irin sana'ar, amma wanda ƙasashe da dama suka fi karkata gare shi shi ne jimillar ciniki, domin lamba ɗaya ce tak ake nema, kuma yanzu da ake biya ta waya, tana barin sawu a banki.

Mu a ƙasar Hausa mun san irin wannan tun kafin a ba shi sunan zamani. Jangali harajin ƙiyasi ne tsantsa: ana ƙirga kawunan shanu, ba a tambayar makiyayi nawa ya samu a nono, ko nawa cuta ta kashe masa bayan an ƙirga. Sauƙin karɓarsa shi ne kuma tushen ɗacinsa, kuma da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, talakawa sun san abin da aka sauke musu. Ban kawo wannan don in ce harajin ciniki jangali ne ba. Na kawo shi ne don a tuna cewa duk harajin da ke auna abin da ido ke gani, maimakon abin da ya shiga aljihu, yana da waɗanda yake dannewa fiye da wasu, kuma ya kamata a san su wane ne.

To, ga lissafin kawuna. Na daidaita alƙaluman don su yi sauƙin bi, amma surar abin ita ce wannan. Yana sayen buhun masara a kasuwar ƙauye a kan naira 47,500. Mota ta kawo shi Dawanau a kan naira 1,000. Dako, da kuɗin buhu, da tikitin kasuwa, da rabon hayar sito sun ci naira 500. Ke nan buhun ya tsaya masa a kan naira 49,000, ya sayar naira 50,000. Ribarsa naira 1,000 ce a buhu, wato naira 2 a cikin kowace naira 100 da ta shigo hannunsa. Yana fitar da kimanin buhu 40 a mako, mako 50 a shekara, buhu 2,000 ke nan. Cinikinsa na shekara naira miliyan 100. Ribarsa ta shekara naira miliyan 2.

A dakata a kan waɗannan lambobi biyu, domin a nan duk maganar take. Mutumin da miliyan 100 ta bi ta asusunsa, abin da ya kai gida bai kai naira 170,000 a wata ba. Da wannan yake ciyar da gida mai mutum goma sha.

Yanzu mu ajiye wani mutum a gefensa. Akwai tela a unguwarmu mai keke uku da yara biyu. Mu ce kuɗin ɗinkin da yake karɓa a shekara, har da na lokacin salla da ba ya barci, ya kai naira miliyan 5. Zare, da man janareto, da haya, da ladan yara sun ci miliyan 3. Shi ma ribarsa miliyan 2 ce, daidai da ta kawuna. Sai dai shi naira 40 yake ci a cikin kowace 100, domin yadin ba nasa ba ne, mai ɗinki ke zuwa da abinsa, abin da tela ke sayarwa hannunsa ne da gwanintarsa.

Idan aka auna su da harajin riba, su biyun daidai suke. A sabuwar dokar, naira 800,000 ta farko daga abin da mutum ya samu a shekara ba ta da haraji, abin da ya biyo baya har zuwa miliyan 3 ana cire masa kashi 15 cikin 100. Ribar miliyan 2, a cire 800,000, saura miliyan 1 da dubu 200. Kashi 15 na wannan shi ne naira 180,000. Kawuna naira 180,000, tela naira 180,000, kafin ma a duba wasu rangwamen da doka ta yarda da su. Samu ɗaya, biya ɗaya.

Mu sauya ma'auni. Zan yi lissafi da kashi 1 cikin 100 na ciniki, domin kaso ne da kowa zai ji ya ce bai taka kara ya karya ba. Tela zai biya kashi 1 na miliyan 5, naira 50,000. Kawuna zai biya kashi 1 na miliyan 100, naira miliyan 1. Tela ya ba da naira 2 da rabi daga kowace 100 ta ribarsa, kawuna ya ba da rabin ribarsa cur. Ya biya ninki ashirin na abin da maƙwabcinsa ya biya, alhali tukunyar gidajensu girmanta ɗaya. Ko kamfanin da ya fi kowane girma a ƙasar nan, harajin ribarsa bai kai rabi ba.

Da na karanta masa wannan, sai ya yi shiru, can ya ce, “Ashe ɗaya cikin ɗarin nan ba ɗaya ba ce.” Ban taɓa jin wanda ya taƙaita maganar kamar haka ba.

Akwai hanya mai sauƙi da kowane ɗan kasuwa zai gane matsayinsa. Ya fara gano naira nawa yake ci riba a cikin kowace 100 ta ciniki. Sai ya raba kason harajin da wannan adadi. Mai cin naira 2, kashi 1 na ciniki yana nufin rabin ribarsa. Mai cin naira 5, ɗaya bisa biyar. Mai cin naira 10, ɗaya bisa goma. Idan aka juya lissafin, za a ga cewa kashi 1 na ciniki yana yin daidai da kashi 15 na riba ne kawai ga wanda yake cin kusan naira 7 a cikin 100. Wanda ya haura haka, harajin ciniki rahusa ne gare shi. Wanda bai kai ba, tsada ne, kuma gwargwadon sirantar ribarsa, gwargwadon nauyin da ke kansa. Wato duk harajin ciniki yana ɗauke da wani zato da ba a furta ba: an ƙaddara cewa kowa yana cin riba iri ɗaya. Kasuwa kuwa ba haka take ba.

Su wane ne masu siririyar riba? Ba sai an yi dogon bincike ba, duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san su. Masu sarin hatsi, masu sayar da siminti da sukari da shinkafa a buhu, masu katin waya, masu canjin kuɗi. Kaya ne da kowa ya san farashinsu, shago goma a jere suna sayar da abu ɗaya, wanda ya ƙara naira 200 mai saye ya wuce gaba. Suna rayuwa ne da yawan juyi. Masu kaurin riba kuwa galibi masu aikin hannu ne: tela, wanzami, makanike, mai gyaran waya, mai kitso. Ba wai sun fi samu ba ne, a'a, kayan sari ba su cika cinikinsu ba. Abin lura a nan shi ne, a Arewa, inda kasuwancin abinci da dabbobi ya fi yawa, rukuni na farko yana da faɗi ƙwarai.

Wannan duk a shekarar da aka ci riba ke nan. Bambanci mafi zafi yana fitowa ne a shekarar asara. Duk wanda ya bi kasuwar hatsi a 2025 ya ga yadda farashi ya faɗi, waɗanda suka saya suka ajiye da tsammanin tashi suka tafka asara. Mu ƙaddara buhun nan da ya tsaya wa kawuna a 49,000, dole ta sa ya sayar 47,000. Asarar naira 2,000 a buhu, miliyan 4 a shekara. Harajin riba zai ce babu riba, babu haraji, kuma a ƙa'ida mai cikakken lissafi yana iya ɗaukar asarar ya rage ta daga ribar shekara mai zuwa. Harajin ciniki zai duba ya ga an sayar da kayan miliyan 94, ya nemi naira 940,000. Daga ina za a biya? Daga uwar kuɗi. Harajin da ya kamata ya ci 'ya'yan itace ya koma saran reshe. Gwamnati da kanta ta san wannan matsala, domin lokacin annobar korona, da kasuwanci ya tsaya, Nijeriya ta rage mafi ƙarancin harajin da kamfanoni ke biya a kan ciniki daga rabin kashi 1 zuwa rubu'in kashi 1, Kenya kuma a 2020 ta sauko da harajin cinikin ƙananan 'yan kasuwa daga kashi 3 zuwa kashi 1.

Sai kuma wani abu da ba a cika ambata ba, shi ne hawa kan hawa. Buhun masara ba ya tashi daga gona ya sauka a tukunya. Mai tarawa a ƙauye ya sayar wa kawuna, kawuna ya sayar wa mai awo, mai awo ya sayar mudu-mudu. Idan kowannensu yana biyan kashi 1 na cinikinsa, na farko ya biya naira 475, na biyu 500, na uku, in ya sayar da buhun a kan 54,000, ya biya 540. Buhu ɗaya ya ɗauki naira 1,515, kusan kashi 3 na farashinsa na ƙarshe. Harajin riba ba ya yin haka, domin kowa a kan ɗan abin da ya ƙaru da shi kawai yake biya. Ko dai mai saye ya ɗauki wannan ƙari, ko manomi a rage masa farashi, ko ɗan tsakiya ya haɗiye. Babban kamfani da ke aika motarsa gona kai tsaye ya tsallake matakan gaba ɗaya. Tsadar kaya ma tana ƙara wa harajin nauyi ba tare da an taɓa doka ba: buhun da ya tashi daga 25,000 zuwa 50,000 ya ninka harajin mai shi, ko da yawan buhunan bai ƙaru ba, kuma ribar buhu ba lalle ta ninka ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kiran a yi watsi da harajin ciniki ne. Na zauna da 'yan kasuwa da yawa, na san abin da ya fi damunsu ba kason ba ne, rashin tabbas ne. Yau mai tikiti ya zo, gobe wani ya zo da wata takarda, jibi a rufe shago a ce a zo ofis a sasanta. A irin wannan sasanci, mai baki da mai sanayya su ke tsira, gwamnati kuma ba ta ganin rabin abin da aka karɓa. Kaso ɗaya sananne, a kan lamba ɗaya sananniya, da ake biya ta banki a karɓi shaida, ya fi wannan nesa ba kusa ba. Harajin riba kuma, da duk adalcinsa a takarda, yana da tsadar da ba a gani. Wanda harajinsa na gaskiya naira 50,000 ne, idan sai ya biya akanta naira 100,000 kafin a shirya masa lissafi, an cuce shi da sunan adalci. Sannan riba lamba ce mai sauƙin murɗawa, ana iya kumbura kuɗin kashewa har ta ɓace. Ciniki ya fi wuyar ɓoyewa. Ga tela da wanzami da mai shayi, harajin ciniki alheri ne, in dai ya maye gurbin tarkacen karɓe-karɓen da ake yi musu, bai zama ƙari a kansu ba.

Abin da ke raba mai kyau da mummuna shi ne yadda aka gina shi, kuma akwai wuraren da za a leƙa. Afirka ta Kudu ta kawo nata a 2009 don ƙananan sana'o'i, ta mai da shi zaɓi: wanda ya ga zai cutu yana iya zama a tsarin riba. Ta kuma yi shi mataki-mataki, kason farko na ciniki babu haraji, abin da ya haura kaɗai ake cirewa. Wannan na biyun yana da muhimmanci. Mu ce an yafe wa duk wanda cinikinsa bai wuce miliyan 10 ba, wanda ya wuce kuma a caje shi kashi 1 a kan duka. Mai miliyan 10 bai biya komai ba, wanda ya ɗara shi da cinikin naira 50,000 ya biya sama da 100,000. Me kake tsammani zai yi? Zai raba shagon biyu, ɗaya da sunan ƙanensa, ko ya koma karɓar tsabar kuɗi da zarar ya kusa iyakar. Dokar da aka yi don jawo mutane cikin tsari ta koya musu ɓuya.

Indiya ta bi wata hanyar. Maimakon ta ɗora haraji a kan ciniki kai tsaye, sai ta furta zaton nan a fili: an ƙaddara cewa ribar ƙaramin ɗan kasuwa kashi 8 ce ta cinikinsa, ko kashi 6 a kan abin da aka biya ta banki, sannan a yi wa wannan riba lissafin haraji kamar na kowa. Wanda ya ce ribarsa ba ta kai haka ba, an buɗe masa ƙofa, ya kawo littattafansa a bincika. Ko a can, kawuna da an ƙaddara masa ribar miliyan 6 zuwa 8, ninki uku ko huɗu na gaskiya. Amma aƙalla an faɗi zaton, kuma ana iya ƙaryata shi da hujja. A ganina, duk tsarin da za a shimfiɗa a kasuwanninmu, waɗannan abubuwa ne ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su tsaya a kansu: kada mai sarin hatsi da mai ɗinki su zama a kaso ɗaya, kuma kada a rufe ƙofar komawa harajin riba ga wanda ya iya nuna lissafinsa. Jayayya a kan ko kashi 1 ne ko rabi, ba tare da waɗannan ba, jayayya ce a kan inuwa.

Akwai tarko na ƙarshe, kuma shi na fi jin tsoro, domin ba a doka yake ba, a wurin aiwatarwa yake. Wace lamba ce za a kira ciniki? Hanya mafi sauƙi ga jami'i ita ce ya nemi bayanin asusun banki ya tara duk abin da ya shigo. Amma ba duk abin da ya shigo ne ciniki ba. A asusun kawuna na tarar da kuɗin adashi da ya kwasa, da rancen da wani abokinsa ya ba shi ya mayar bayan mako biyu, da kuɗin da ɗan'uwansa ya turo daga Legas don a kai wa mahaifiyarsu, da gudummawar biki. Na kuma tarar da babban kaso na kuɗin dillanci: wani ya turo miliyan 5 a saya masa wake, kawuna ya saya ya loda, ladansa naira 300 a buhu. Cinikinsa a wannan harka ladan ne, ba miliyan 5 ba. Haka abin yake ga dillalin shanu, da mai sana'ar cire wa mutane kuɗi da na'ura, wanda miliyoyi ke ratsa asusunsa a mako alhali abin da ke nasa 'yan ɗarurruwan caji ne. Idan ba a rarrabe ba, za a ɗora wa mutum haraji a kan dukiyar da ya riƙe amana. Ta ɗaya gefen kuma akwai kayan da aka bayar bashi: an rubuta an sayar, kuɗin bai shigo ba, wani ma ba zai taɓa shigowa ba.

Wasu 'yan kasuwa sukan ce mini ai sun saba, tunda suna fitar da zakka. Lissafin ba ɗaya ba ne. Zakkar kasuwanci tana duba darajar kayan da ke hannu da kuɗin da ke ajiye idan shekara ta zagayo, a fitar da ɗaya bisa arba'in. Ba ta tara abin da aka sayar a tsawon shekara. Jarin miliyan 4 da aka juya sau ashirin da biyar, a wurin zakka yana nan kusa da miliyan 4, a wurin harajin ciniki ya zama miliyan 100.

Abin mamaki a nan shi ne, harajin da aka ƙirƙiro don waɗanda ba su ajiye lissafi, wanda ya fi bukatar lissafi a ƙarƙashinsa shi ne mai siririyar riba, domin littafinsa ne kaɗai zai fitar da shi. Abin da na sa kawuna ya yi ba shi da wuya. Ya buɗe asusu na biyu, na kasuwa zalla, kuɗin gida da na zumunci su bi ta tsohon. Ya sayi sabon littafi, kowane shafi rana ɗaya: a dama abin da aka sayar, buhu nawa, a kan nawa, hannu ko bashi, a hagu abin da aka saya da abin da aka kashe, har dako da tikiti. Harkar dillanci tana da nata shafukan a bayan littafin, da sunan mai kuɗi, da adadin da ya turo, da ladan da aka cire. A kasuwar ƙauye ba a ba da rasit, don haka duk sarin da zai yiwu ya biya ta waya, ya rubuta lambar motar da ta ɗauko kayan, ya ajiye takardar lodi da tikitin kasuwa a cikin leda ɗaya ta wannan watan. Ranar Juma'a da yamma, ɗansa da ke aji biyar a sakandare ya tara na mako, ya raba riba da ciniki, ya rubuta sakamakon a saman shafi da jan biro.

Na koma bayan wata biyu na duba. Lambobin jan biron suna yawo ne tsakanin 1 da rabi da 3, mako ɗaya ma ƙasa da sifili, makon da ruwa ya taɓa buhu goma sha biyu a sito. Kawuna ya ce shekararsa talatin a kasuwa bai taɓa ganin wannan lamba a rubuce ba, yana dai jin ta a jikinsa. Ya ce zai ɗauki littafin ya kai taron ƙungiyarsu na wata mai zuwa, ya nemi mutum goma daga layin masara da goma daga layin wake su yi irinsa na wata shida, don ranar da za a zauna da hukumar haraji ta jiha a kan kason da ya dace da masu hatsi, su shiga da littattafai ashirin a hannu.